Abin da aka tsayar kan fitilar karatu

Jiya a majalisarmu ta Maradi mun yi hirar fitilar karatu gefen gado, to ga abin da aka yarda a kai. Ƙasan hular fitilar ya zo daidai idonki in kina zaune, in ya fi haka ƙwan zai dinga haske miki ido, in ya yi ƙasa kuma hasken iya tebur zai tsaya bai kai littafi ba. Hula mai faɗi a ƙasa tafi, farar ciki, banda mai duhu don cinye haske take. Wata Hajiya ta ce mai rubutu da hannun dama ta aje fitilar a hagu, ɗan baya da kafaɗa, saboda inuwar hannu, wallahi ni ma nan na fi yarda.