Sunayen 'yan ƙungiya da na zuba wa ChatGPT: wani zai iya gani?

Habu Sakatare, Auyo: Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawara. Na kwafa wa ChatGPT jerin sunayen manoman shinkafa na ƙungiyarmu, da lambobin waya da bashin takin da ke kan kowa, ya tsara mini su a tebur. Yanzu shugaba ya ce wai wani a wani gari zai iya tambayar ChatGPT ya zayyano masa. Gaskiya ne?

Ɗanjuma mai caji: Ai kam gaskiya ne. Wani ya kawo waya caji nan shagona yana faɗa, ƙaninsa ya karanta duk abin da ya tambaya a kan rashin lafiyar matarsa.

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Ɗanjuma, waya ɗaya suke amfani da ita?

Ɗanjuma mai caji: Eh, ta yayan ce, ƙanin ya ara.

Malam Nasiru: To wannan ba manhajar ce ta tona ba. Tarihin hira yana nan a gefe, duk wanda ya riƙe wayar a buɗe zai gani. Mu nan da ake aron waya, wannan ƙofar ta fi kowacce faɗi.

Malam Habu, abin da ke ba ka amsa ba ya leƙa hirar wani. In na tambaye shi bashin da ke kan manoman Auyo, ba shi da hanyar zuwa asusunka. Ko ya ce bai sani ba, ko ya ƙirƙiro sunaye. Amma hirar taka tana ajiye a wurin kamfanin, kuma in ba ka hana ba, tana iya shiga cikin rubutun da za a koyar da sabon samfurin ChatGPT nan gaba.

Hajiya Talatu: In an koyar da shi ai ya haddace ke nan.

Malam Nasiru: Ba dole ba, Hajiya. Kamar gishiri ne a tukunya, ya narke cikin rubutu mai ɗimbin yawa. Abin da ya fi haddacewa shi ne wanda aka maimaita sau da yawa. Sai dai ba zan ce ba ya faruwa ba. A 2023 masu bincike sun sa ChatGPT ya yi ta maimaita kalma ɗaya ba tsayawa, can sai ya fara fito da guntayen rubutun da aka koyar da shi, har da lambobin waya da adireshin imel na mutane. Shi ya sa lambar waya take damuna fiye da sauran bayanan.

Alhaji Sale: Ni ɗana ya ce an taɓa ganin hirar wasu baro-baro.

Malam Nasiru: Ranka ya daɗe, yana da gaskiya, sau biyu ma. A Maris 2023 wata tangarɗa a na'urorin kamfanin ta sa wasu suka ga kanun hirarrakin wasu, har aka rufe manhajar na ɗan lokaci. A 2025 kuma hirarrakin da masu su suka danna Share suka yarda a iya gano su sun bayyana a binciken Google, daga baya aka cire wannan zaɓin. Duka biyun ba ta hanyar koyarwa suka fita ba, don haka hana koyarwa ba ya maganinsu.

Habu Sakatare, Auyo: To yanzu me zan danna?

Malam Nasiru: Shiga Settings, sai Data controls, ka kashe Improve the model for everyone. Ma'anarsa sababbin hirarrakinka ba za su shiga koyarwa ba. Bai goge komai ba, tarihinka yana nan, kuma abin da aka riga aka koyar da shi ba ya dawowa. Don haka ka goge hirar da kanka. In ka taɓa tura wa wani mahaɗinta, duba Shared links ka cire. Ka kuma daina danna hannun nan na sama ko ƙasa a ƙarƙashin amsa, don yin hakan na iya sa a yi amfani da hirar ko da ka kashe.

Hajiya Talatu: Ni a adashinmu lamba nake ba kowace mace, 1 zuwa 20. Lambar da kuɗin kawai nake sa wa, sunayen suna littafina. Lissafi yana fita daidai.

Malam Nasiru: Wannan ita ce dabarar da zan ba kowa, Allah ya saka da alheri. Ga aiki na lokaci ɗaya kuma akwai Temporary Chat: ba ta shiga tarihi, ba a koyarwa da ita, amma kamfanin na iya riƙe kwafi har kwana 30.

Ɗanjuma mai caji: Ni dai ban gamsu ba. Wa ya ga sun daina in ka kashe? Maganarsu ce kawai.

Malam Nasiru: Haka ne, alkawarinsu ne a rubuce, ni da kai ba mu da hanyar leƙawa ciki.

Alhaji Sale: Habu, ranar taro ka gaya wa mutanen nan abin da aka sa. Bashin mutum sirrinsa ne.

Habu Sakatare, Auyo: In sha Allahu, Alhaji. Na kashe, na goge. Hajiya, turo mini yadda kike jera lambobin nan, gobe zan sake teburin.