Daga sayar da ɗai-ɗai zuwa sari: miliyan 3 za ta ɗauka?

Mai Shago Tudun Wada: Salamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Gusau, na tara naira miliyan 3. Ina son in riƙa ɗauko taliya daga Kasuwar Singa ta Kano ina ba masu shaguna katan-katan. Yaya ribar take, kuma bashi fa?

Ɗan Ƙaura: Ka saka shinkafa kawai, ita ce ke tafiya.

Baban Sito: Taliya ya tambaya. Ɗana, ɗauki alƙalami. Mu ce katan 18,000 ne a Kano, mota da dako su ci 350, ya sauka Gusau a 18,350. Ba za ka wuce 18,800 ba, domin maƙwabcinka haka yake bayarwa. Ribarka 450. Wanda ya saya a hannunka zai fasa katan, ƙwaya 20 a kan 1,050, ya sami 2,200. Kujerar da kake son tashi daga kanta ke nan. Kuɗinka za su ɗauko katan 160, wato 72,000 a lodi ɗaya. Idan lodin yana ƙarewa duk mako, ka haɗa 288,000 a wata. Idan sai bayan mako biyu, 144,000 ne, ba a cire hayar sito da kuɗin yara ba. Don haka kada ka tambayi nawa ke kan katan, tambayi sau nawa kuɗin ke komawa Kano.

Hajiya Mai Awo: Alhaji, 350 a wace motar? Ƙaramin lodi 600 ake karɓa. Kuma 18,000 ɗin nan na yaushe ne?

Baban Sito: Hajiya, misali na kawo. Amma kin yi gaskiya, farashina na mai cika mota ne. A 600 ribar ta koma 200.

Na Mafara: Ku bar lissafi, bashi ne ke kashe ɗan sari. Wani mai shago ya saya hannu da hannu sau uku, na huɗu ya ɗauki katan 10 ya ce sai Talata. Talata ta yi ya kawo rabi ya ƙara 10. Ciko kan ciko har ya kai 25, daga nan ya koma saye wurin wani da kuɗina. Idan mun haɗu a masallaci har hannu yake ba ni.

Ɗan Ƙaura: To ai Talata ba ta ƙarewa a Mafara, ci gaba da jira 😂

Na Mafara: Ka taɓa sayar da katan ɗaya a rayuwarka? Wanda bai yi asara ba ya yi shiru.

Hajiya Mai Awo: Wanda ya yi asarar ma ba lallai ya iya ba da shawara ba. Laifin naka ne, ka ƙara kaya kan ciko. Ƙa'ida ita ce ba sabon kaya sai tsohon ya mutu, a rubuce, da rana da sa hannu. Ni a ganina ma kada ya ba kowa bashi.

Baban Sito: Rabin maganarki daidai ne. Wanda ya hana bashi gaba ɗaya zai zauna da kayansa, masu shaguna wurin mai ɗaga musu ƙafa suke zuwa. Matsalar ita ce Kano ba ta san shi ba, sai ya biya kafin a yi lodi, shi kuma a ce masa sai an sayar. Kada abin da ke waje ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na jari, kuma kwana 7. Katan 10 idan suka tafi, a lissafin farko 183,500 ne, sai ya sayar da katan sama da 400 a ribar 450 kafin ya mayar. Akwai kuma wadda ba a gani: ka ba da bashi a 18,800, kafin a biya ka Kano ta ƙara 500. An biya ka cif, amma kuɗin ba za su dawo da katan ɗin ba. Alamarta, littafi na nuna riba, sito na raguwa. Shi ya sa ake ƙirga jari da katan.

Mai Shago Tudun Wada: Na gode Baba. To in rufe shagon ne, ko in haɗa biyu?

Na Mafara: Idan ka haɗa, masu shagunan unguwarku ba za su saya ba. Wa zai ƙarfafa kishiyarsa?

Baban Sito: Shagon ne zai ciyar da gida kafin sari ya tsaya. Raba aljihu da littafi dai.

Hajiya Mai Awo: Ai manyan dilolin ma sun haɗa. Yanzu mai katan ɗaya ya je, su ba shi farashin mai katan 50. To ɗan tsakiya me zai ci?

Ɗan Ƙaura: Wannan kam! Har motarsu ke bin unguwa tana sauke wa shaguna. Shugabannin kasuwa suna kallo.

Na Mafara: Su wa za su hana? Rabinsu su ne masu motar.