Fotal ɗin rajistar kasuwanci ya ƙi karɓar takarduna, in je gyaran NIN ko in ba ejan?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min da shawara. Ina sayar da turaren wuta da humra, wani babban shago ya ce ba za su karɓi kayana ba sai da takardar CAC. Na nemi suna an amince, yau kwana 41 kenan, kuma an ce kwana 60 kawai ake riƙe wa mutum sunan. Duk lokacin da na cike bayanaina na danna ci gaba sai jan rubutu ya fito wai ba su dace da na NIN ba, hoton sa hannuna ma ya ƙi hawa. Sunana Sa'adatu, a takardar NIN an rubuta SAADATU ba ɗigon sama. Wani ejan ya ce in kawo dubu 35 ya gama min, mijina kuma ya ce in je a gyara NIN ɗin. Wanne zan yi?

Sadiq Fagge: Wa alaikumussalam Hajiya, netiwok ne kawai. Ki bari sai ƙarfe biyun dare ki sake gwadawa, ni haka nake yi.

Abban Walid: Dubu 35?? Ni bara dubu 18 aka yi min har da firintin mai kala

Hajiya Turai: Kai Abban Walid wane zamani kenan, ƙanwata watan jiya dubu 45 ta biya

Abban Walid: To ita kamfani ta yi ko sunan kasuwanci? ai ba ɗaya ba ne Hajiya

Baban Yara: Maman Ilham kada ki taɓa NIN ɗinki tukuna. Na yi shekaru ina cike wa mutane wannan abin a shagona, ƙin karɓa iri biyu ne kuma mutane na haɗa su. Akwai wanda ke fitowa nan take kina danna maɓalli, wannan ba mutum ba ne ya duba, na'ura ce ke gwada abin da kika rubuta da abin da ke ajiye a NIN, harafi da harafi. Akwai kuma wanda sai kin biya kin tura, daga baya ma'aikaci ya duba ya dawo miki da shi da bayanin abin da za ki gyara. Naki na farkon ne. Na'ura ba ta san Sa'adatu da SAADATU mutum ɗaya ba ne, don haka ki ajiye takardar NIN a gabanki ki kwafe yadda take, ko da ke a ganinki kuskure ne. Sannan ki duba wane suna ke gaban Surname, wane ke gaban First Name, wane ke Middle Name. Mu Hausawa mun saba fara faɗin sunanmu sannan na uba, sai mutum ya zuba nasa a akwatin farko alhali akwatin na Surname ne.

Ɗan Kurmi: Hmm ejan. Ku bar ni da ejan. Ni shekara biyu kenan wani yaro mai kafe a unguwarmu ya karɓi dubu 30 a hannuna, ya ce sati ɗaya. Sati ɗaya ya zama wata uku, kullum fotal ya faɗi, fotal ya faɗi. Da na matsa masa ashe da imel ɗinsa da lambar wayarsa ya buɗe komai, duk saƙon da aka turo na a gyara adireshi shi yake zuwa wa, bai ko buɗe ba har kwanakin sunan suka ƙare. Adireshin kuma abin da ya rubuta wai bayan masallacin Juma'a kusa da mai shayi, ba lambar gida ba sunan titi. Na koma neman sunan aka ce akwai mai kama da shi an riga an yi rajista, ga shi na buga leda dubu biyar da tsohon sunan, har yau suna ɗakin uwargida tana zuba kuka da kuɓewa a ciki. Yaron yanzu ya koma sayar da data, muna haɗuwa a masallaci yana gaishe ni kamar ba abin da ya faru.

Sadiq Fagge: Aƙalla ledar ta yi amfani Alhaji 😂

Ɗan Kurmi: Kai yaro ne shi ya sa kake dariya

Ummu Hanif: Allah Ya mayar da alheri. Ni ma BVN ɗina ne ya ƙi haɗuwa da asusuna, sai da na yi rantsuwar kotu da sanarwa a jarida. Maman Ilham ki je kotu kawai ki huta.

Baban Yara: Ummu Hanif naki canjin suna ne a banki, wannan daban. Ita ba abin da za ta canja.

Ummu Hanif: To ai kai ma mai kafe ne, dole ka ce kar a je ko'ina a zo wajenku

Baban Yara: Ni da na ce ta yi da kanta a gida kyauta? Ikon Allah.

Maman Ilham: Baban Yara Allah Ya saka. Na cire ɗigon, kuma gaskiyarka ne, sunan babana ne a Surname ni kuma sunan mijina nake ta sa wa. Na gyara amma har yanzu ja yake nunawa wallahi kaina ya yi zafi

Baban Yara: Saura abu biyu. In da waya kike cikewa, duk sunan da kika zaɓa daga kalmomin da allon rubutu ke kawo miki yana ƙara fili a ƙarshe, ido ba ya gani amma wani fotal ɗin yana ƙirga shi. Ki taɓa ƙarshen kowane suna ki goge sau ɗaya ki gani. Sai ranar haihuwa, ki tabbata ba ki juya rana da wata ba, 05/08 da 08/05 duk za su shiga akwati lafiya amma ɗaya ce ke NIN. Lambar kuma ki ƙirga, 11 ce cif.

Maman Ilham: Alhamdulillah ya wuce!! filin ne, a bayan sunan babana. Saura sa hannun

Abban Walid: Ki tura wa kanki hoton ta WhatsApp ki sake saukewa, yana rage nauyi. Ko ki canja ƙarshen sunan fayil ɗin zuwa .jpg shi kenan

Baban Yara: Rabin farko daidai ne, rabin na biyu a'a. In iPhone ce hotonta yawanci HEIC ne, canja sunan ba ya canja cikinsa, kamar ka rubuta suga a jikin buhun gishiri ne. Ta WhatsApp ɗin dai yana zama JPG in a matsayin hoto aka tura ba fayil ba. Hajiya ki sa hannu da baƙin biro a farar takarda mara layi, ki ɗauka a wajen haske, ki yanke gefe-gefen, sannan ki karanta ƙaramin rubutun da ke kusa da wurin ɗorawa, nan suke faɗin nauyi da irin fayil ɗin da suke so. Kada ya dushe dai, in ya dushe na'ura za ta karɓa amma ma'aikaci zai iya dawo da shi.

Hajiya Turai: Ni duk wannan bai dame ni ba kamar masu rubuta mana suna tun farko. Ɗana Muhammad ne a takardar haihuwa, Mohammed a ta firamare, Muhammed a NIN. Yaro ɗaya suna uku, bana zai rubuta jarabawar shiga jami'a ban san da wanne za mu tafi ba.

Ɗan Kurmi: Mu ai duk ajinmu 1 ga Janairu aka haife mu, malamin da ya cike fom bai tambayi kowa ba

Sadiq Fagge: Ashe Alhaji tagwayenka sun kai arba'in

Maman Ilham: Hoton ya hau. Yanzu kuma na biya, an cire kuɗin a asusuna amma shafin bai nuna an biya ba, in sake biya ne?

Abban Walid: Kar ki sake, ki adana lambar RRR ɗin, wato lambar da aka ba ki ta biyan kuɗin, da rasit tukuna. Hajiya Turai ku bi na NIN kawai

Hajiya Turai: To takardar firamaren fa, wa zai gyara min ita?