Washa ta ƙusar kwano, mi za mu kira ta da Hausa?

Ɗan Jega: Salamu alaikum. Ina rubuta wa yaran da ke koyon kafinta wajena 'yar takarda kan rufin kwano, na zo kan washa na tsaya. Ƙusa muna da ita, kwano muna da shi, amma 'yar robar nan da ke zama tsakanin kan ƙusa da kwano ba ni da sunanta sai washa. Ko akwai wanda ya taɓa jin tsofaffin kafintoci na kiranta da wani suna?

Sani Gusau: Ai hula ce. Mu ƙusa mai hula muke cewa in mun je saye.

Baba Kafinta: Wa alaikumus salam. Sani ɗana, ka kusa amma ba ita ba ce. Hula ita ce faffaɗan kan ƙusar na ƙarfe mai kama da lema. Washa ƙarƙashin hular take. Hula na danne kwano kar iska ta yage shi ta ramin, washa ita ke toshe ramin kar ruwa ya bi jikin ƙusa ya sauka kan katako. In ka ba su suna guda yaro zai zaci in ya sai mai hula ya gama.

Maman Hafsat: Ni da na ga washa na ɗauka injin wanki ake nufi wallahi. Amma tunda zancen rufi ne Baba bari in tambaya, ɗakinmu nan Argungu shekara 2 kacal da rufi, bana ruwan farko ya zuba wuri uku, kuma duk a jere suke kamar an ja layi, mai gidan ya hau ya ce kwanon bai huje ba, to ta ina?

Baba Kafinta: 'Yata, tunda a jere suke to layin ƙusa ne, kan katako guda. Ki ce ya sake hawa ya diba inda anka buga su. Kwano kamar gona yake, akwai kunya akwai kwari. Ƙusa bisa kunya ake buga ta, don kwarin shi ne hanyar ruwa, wanda ya buga cikin kwari ya huda magudana da hannunshi ko da washa goma ya sa. In kuma bisa kunya suke, ya diba ko kwanon ya loma kewaye da ƙusar. Wasu yara kan yi ta lafta guduma har kunyar ta lotsa ta zama ɗan kwano, ruwa ya kwanta ciki, robar ta fashe ta fito gefe. Alamarshi zoben tsatsa kewaye da hula. Ana tsayawa ne da zarar robar ta zauna daram ba ta juyawa da yatsa. Ƙusa inci 2 da rabi, kunya ta ci kusan kashi uku cikin huɗu na inci, saura ya shige katakon tubaitu, ya isa.

Ɗan Jega: Har da ƙusoshin da sunka kuskure katako Baba, in ka shiga ɗaki da rana kafin a sa silin za ka ga tsininsu na reto a iska. Shi ya sa nake sa yara su ja igiya bisa layin katakon kafin su buga.

Malama Rabi: Ni gammo ya faɗo min. Gammon ƙusa. Zagayayye ne, da rami a tsakiya, mai laushi, kuma tsakanin abu biyu masu tauri yake zama.

Baba Kafinta: Kai Malama, wanga ya yi min. Yaro na ji zai gane ba a murƙushe shi.

Sani Gusau: Amma gammo ba ya tare ruwa ai. Matoshi ya fi kama aikinta.

Malama Rabi: Matoshi cikin rami yake shiga, ita ko bisa take kwance.

Maman Hafsat: Ya hau yanzun nan. Bisa kunya suke, amma ya ce ba roba ko guda, kuma nan ne kwanon sama ya hau na ƙasa, hawan bai fi yatsa uku ba.

Baba Kafinta: To laifi biyu ne. Hawan sama da ƙasa kada ya gaza inci 6, in rufin kwance yake a ƙara ya kai 8, in ba haka ba iska na tura ruwa ya koma sama ta tsakaninsu. Na gefe kunya guda da rabi. Mai son bandir ya yi auki shi ke rage wannan. Kuma tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa, daga yamma ake fara jeri, bakin kowane kwano ya ba iska baya. Ƙusoshin a cire a sa masu roba cikin ramukan, hawan kuwa sai an saƙa ƙyallen kwano ƙarƙashin na sama ya rufe na ƙasa.

Ɗan Jega: Na sa gammon ƙusa a takardar, na ajiye washa gefenta don kasuwa ba wanda zai gane gammo tukuna. Sani in yaran sun ƙi shi zan gwada naka. Saura shi hawan nan, wasu na cewa lafin, ni goyo nake ji a bakina, Baba ya ka gani?