Gobara ta cinye takardun kamfanina, ga wa'adin haraji ya matso

Mai kayan gini, Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Ranar 14 ga Mayu wuta ta kama ofishin da ke bayan shagona, rasit-rasit da littattafan ciniki na bara da kwamfuta duk suka tafi. Kamfani ne mai rajista, muna rufe lissafi 31 ga Disamba. Akantana ya ce ba zai iya haɗa bayanan haraji kafin ƙarshen Yuni ba. An ce ana rubuta wasiƙar neman ƙarin lokaci. Wa zan rubuta wa, kuma me zan ce?

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa: Allah shi mayar da alheri. Ni dai shawarata ka yi shiru da bakinka. Wanga abu tara ce kurum, dubu 25 watan farko, dubu biyar-biyar bayan nan. Ka biya ka huta. In ka kai kanka da takarda, kai ka tuna musu da kai.

Akanta, Gawon Nama: Alhaji, a gafarce ni, wannan tarar ta tsohuwar doka ce. A dokar da ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, rashin miƙa bayanai a kan lokaci naira 100,000 ne a watan farko, 50,000 kowane wata bayansa. Wata uku ya zama 200,000. Kuma shirun ba ya ɓoye kowa, tunda kamfanin yana da lambar haraji ta TIN.

Malam, fara duba satifiket ɗinka na CAC. In lambar RC ce, kamfani ne, wasiƙarka za ta je hukumar tarayya, wadda muka sani da FIRS, yanzu NRS, ofishin da fayil ɗinka yake. In BN ce, sunan kasuwanci ne kawai, harajinka na mutum ɗaya ne kuma yana hannun hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Sakkwato, wa'adinsa ma 31 ga Maris ne. Na ɗauka RC ce, shi ya sa ake maka maganar 30 ga Yuni, wata shida bayan rufe lissafi.

Abu mafi nauyi shi ne wasiƙar ta shiga kafin 30 ga Yuni. Wadda ta shiga ranar 1 ga Yuli ta tashi daga neman ƙarin lokaci ta koma roƙon a yafe tara, wannan kuwa wata doguwar hanya ce daban. Kada ka jira makon ƙarshe, ka kai cikin makon nan.

Da Turanci akantanka zai buga ta a takarda mai tambarin kamfani, zuwa ga shugaban ofishin, da TIN da RC a sama. Ma'anarta ba za ta wuce haka ba:

"Muna neman a ƙara mana lokacin miƙa bayanan harajin kamfani na shekarar da ta ƙare 31 ga Disamba 2025, daga 30 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta 2026. Ranar 14 ga Mayu gobara ta ƙone ofishinmu, muka rasa littattafan ciniki, rasit na saye da sayarwa, da kwamfutar da lissafin ke ciki. Mun riga mun nemi bayanan asusunmu daga banki da kwafin takardun kaya daga dilolinmu, kuma akantanmu ya fara sake gina lissafin daga cikinsu. Ga rahoton gobara, takardar rantsuwa da hotuna a haɗe."

Lura da cewa an ambaci rana. Masu rubuta "har zuwa lokacin da muka shirya" su ne aka fi mayar wa takardarsu, don ba jami'in da zai sa hannu a kan abin da ba shi da iyaka. Kada kuma a cika ta da labarin asara da yawan iyali. Jami'in yana neman abu biyu ne: hujjar cewa abin ya faru, da alamar cewa ka san yadda za ka fita.

Ka tafi da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya, ka ɗauki hotonta nan take. Amma hatimin shaida ce kawai ta sun karɓa. Amincewa sai an rubuto maka, don haka ka riƙa bibiya.

Hajiya mai atamfa: Ɗana, nima wutar babbar kasuwa ta Janairun 2021 ta taɓa ni, ko zare ban fitar ba. Ni ban rubuta wa kowa komi ba, shugabanninmu na kasuwa suka yi magana aka ɗaga muna kuɗin rumfa. Ka je ga shugaban 'yan kayan gini mana.

Akanta, Gawon Nama: Hajiya, Allah ya ƙara rufa asiri. Naki kuɗin rumfa ne, shugabanni na iya shiga ciki. Nasa sai da sa hannun darektan kamfani.

Mai kayan gini, Mabera: RC ce. Sai dai 'yan kwana-kwana ba su zo ba, mu da maƙwabta muka kashe ta da jarkoki. Rahoton fa?

Ɗan Runjin Sambo: Yaya, haka ta faru da maigidana. Mun je ofishin kashe gobara daga baya, suka zo suka duba wurin kafin su rubuta. Saboda haka kada ka share tokar ko ka yi fenti tukuna. Mun kuma kai rahoto caji ofis aka ba mu kwafi, sannan ya yi rantsuwa a babbar kotu, ya lissafa takardun da suka ƙone ɗaya bayan ɗaya. Mu dai da muka kai wasiƙar shi ke nan, ba mu biya ko kwabo ba sai da lissafi ya kammala.

Akanta, Gawon Nama: Maganar toka da rantsuwa daidai ce. Ta ƙarshen ce ban yarda a kwaikwaya ba. Ɗaga ranar miƙa takarda daban, ɗaga ranar biya daban. In kamfaninka na cikin masu biya, ku ƙiyasta daga na shekarar da ta gabata ku biya wani abu kafin 30 ga Yuni, ku haɗa shaidar biyan da wasiƙar. Yana rage kuɗin ruwan da zai hau, yana kuma nuna ba gudu kake ba. In ƙaramin kamfani ne da doka ta ɗauke wa biya, miƙa bayanan dai yana nan a kansa. Harajin VAT na wata-wata shi ma wasiƙar ba ta rufe shi ba, ranar 21 tana nan.

Kuma lissafin bai mutu duka ba. Bayanan banki daga Janairu zuwa Disamba za su nuna abin da ya shigo ta taransifa da POS. Dilolin siminti da kwano suna da kwafin abin da suka loda maka. VAT ɗin da ka miƙa bara wata-wata yana wurin hukuma, ciniki ne a rubuce. Lissafin 2024 da aka miƙa zai ba ku ƙimar kayan da kuka buɗe shekara da su. Inda za ka zauna da akanta sosai shi ne kuɗin da suka shigo asusu ba na ciniki ba, kamar bashi ko kuɗin ɗan'uwa da ya bi ta hannunka. In ba ka ware su da hujja ba, ciniki za a ɗauke su.

Mai kayan gini, Mabera: Na gode ƙwarai. To cinikin tsabar kuɗi fa? Kusan rabin magina a hannu suke biya, kuma littafin bashi ma ya ƙone.

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa: Wannan ai shi na sa nic ce a bi a hankali. Masu bashin ma in sun ji littafi ya ƙone, rabinsu mantuwa za ta kama su.

Akanta, Gawon Nama: Ana kusantarsa ta lissafin kaya: abin da ka buɗe da shi, da abin da ka saya, a cire abin da ya rage a ƙarshen Disamba, sai a ɗora ribar da ka saba ɗorawa a buhu ko bandir. Ƙiyasi ne, kuma a rubuta a fili cewa ƙiyasi ne. Ko za su karɓa yadda yake ko su nemi ƙarin bayani, ya danganta da wanda fayil ɗin ya faɗa hannunsa. Shin kun ƙirga kaya a ƙarshen Disamba, kuma akwai wanda ya ɗauki hoton takardar a waya?

Mai kayan gini, Mabera: Yaron shago ya ƙirga. Bari in kira shi in ji ko bai canza waya ba.