Ajiye babur wata biyar a cikin damina: a cika tanki ko a tsiyaye?

Habu Gusau: Salamu alaikum 'yan'uwa. Boksa ce za a kulle a shago daga Yuni zuwa Oktoba, ba mai hawa. Wasu sun ce in tsiyaye man kaf, wasu sun ce in cika. Wanne ne daidai?

Malam Iro bakanike: Wa alaikumus salam. Tanki daban, kafireto daban, kada ka haɗa su. Tankin ƙarfe ne, in ka bar shi rabi ko wayam, iskar damina mai laima tana shiga, da dare ƙarfen ya yi sanyi, raɓa ta taru a jikinsa daga ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, shi ya sa tanki ke hujewa ta gindi. Saboda haka ka cika shi, ka bar ɗan sarari kamar yatsu biyu don fetur yana kumbura da zafi. Kafireto kuwa a bushe ake barinta. Rufe makullin mai, ka tayar da injin har ya mutu da kansa, sannan ka sassauta sukurun da ke ƙasan kofin kafireton, sauran ya zubo a gwangwani. Ɗan man da ke kofin nan shi ke fara bushewa ya zama danƙo, ya toshe jet ɗin silo da raminsa bai kai bakin allura ba. Alamar toshewar, babur ya tashi da cok, kana mayar da cok ya mutu.

Sadiya Kaduna: Malam, fetur ɗin tankin ma yana tsufa, musamman a zafinmu. Akwai maganin da ake zubawa don kada ya yi danƙo, irin su STA-BIL, mililita 30 ga kusan lita 9 da rabi, wato kusan tanki guda ke nan. A zuba a sabon mai, a hau babur minti goma don ya ratsa ko'ina, kafin a yi abin da kuka ce. Ba ya gyara man da ya riga ya lalace.

Malam Iro bakanike: Gaskiya ne Hajiya, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba. In babu, a cika da man gidan mai, ba na bumburutu ba, ranar dawowa a juye shi a sa sabo.

Ɗanladi mai acaba: Duk wannan wahala ce. A bai wa yaro makulli ya riƙa tayarwa minti biyar duk Juma'a, batir ma ya samu caji.

Injiniya Bashir: Ɗanladi, in yaron zai hau ya yi tafiyar rabin awa, na yarda. Amma minti biyar a tsaye ɓarna ce: injin bai yi zafin da zai kori tururi ba, ruwa ya zauna cikin salansa da baƙin mai, cajin da batir ya samu kuma bai taka kara ya karya ba. A cire batirin kawai. Fara kwance baƙar waya, sannan ja. Wajen mayarwa ja ce farko. A ajiye shi a inuwa, don zafi yana hanzarta saukarsa. Lafiyayye yana nuna bolt 12.6 a mita, da ya sauka ƙasa da 12.4 a yi caji, kamar sau ɗaya a wata. Batir mai 5Ah rabin amfiya yake so. Cajar mota mai ƙarfi dafa shi take yi. In mai murfi ne kuma ruwansa ya ja baya, tataccen ruwan batir za a ƙara, ba asid ba, ba na rijiya ba.

Murtala: Ni nawa ya riga ya shekara a zaure, man ya koma ja yana wari kamar fenti. Maganin nan zai yi?

Sadiya Kaduna: A'a, juye shi, ka haska cikin tankin da tocila ka duba tsatsa, kafireto kuma sai an wanke.

Malam Iro bakanike: Habu, saura tsatsar waje. Wanke babur ya bushe sarai, ka canza baƙin mai tun injin na da ɗumi, don tsohon yana da tsami mai cin ƙarfe. Cire fulogi, zuba baƙin mai ƙaramin cokali ɗaya a ramin, taka kik a hankali sau uku huɗu, ka mayar. Sarƙa ta sha mai, sandunan shokozoba na gaba a shafa musu giris sama-sama, don tsatsarsu ce ke yaga sil. Kada mai ya taɓa taya ko birki. Ɗora shi kan ƙafar tsakiya, katako a ƙarƙashin tayar gaba, ka toshe bakin salansa saboda zanzaro da ɓera. Rufi da tsohon zanin gado. Leda tana riƙe gumi.

Habu Gusau: Na gode Malam. Sai dai shagon rufin kwano ne, kuma ana girki a jikin bangonsa.

Injiniya Bashir: To nan ni ba zan bar lita goma na fetur ba. A tsiyaye, a wulwula ɗan baƙin mai a cikin tankin ya shafe bangonsa.

Malam Iro bakanike: Man nan gangarowa yake yi, saman tankin ya zauna tsirara kafin wata biyar. Ni dai a canza wa babur ɗin ɗaki.