Na san ma'anar kalma amma der, die, das na kufce min

Salam 'yan uwa. Wata huɗu kenan ina koyon Jamusanci da Anki, manhajar bita da katuna, kati ya kai 900, kullum sai na yi bita a adaidaita daga Kabuga zuwa wajen aiki. Ma'ana kam na riƙe, amma jiya malama ta ce in ce "kujerun" sai na tsaya ina kame-kame, der ne ko die, jam'in ma ban sani ba. In goge komai in sake ne ko yaya?

Yaya daga Gwale:
Ƙanwata kar ki goge komai. Faɗa min, ya katin naki yake? Ina kyautata zaton gaba Stuhl ne baya kujera, da kin gane ma'ana sai ki danna Good. To manhajar ba ta san me kika sani ba, abin da kika danna kawai take bi, ta dawo da shi gobe, sai bayan kwana uku, sai wajen mako, a haka har ya kai wata biyu ba ki gan shi ba alhali rabin kalmar kika riƙe. Juya katin:

```
gaba: kujera
baya: der Stuhl, die Stühle
```

Ki faɗa da baki kafin ki buɗe, duka a numfashi ɗaya. In kin ce die Stuhl ko kin manta ɗigon nan biyu na kan u, Again za ki danna ko da ma'anar ta zo daidai. Kar ki danna Hard don jin tausayin kanki, Hard a wajenta cin jarrabawa ne, gaba za ta tura katin. Makon farko zai yi zafi wallahi, ni kusan rabi na faɗi lokacin da na gyara nawa.

Mai shagon waya a Farm Centre:
Ni dabarata jinsin Hausa nake bi. Rana mace die Sonne, wata namiji der Mond, ƙofa die Tür. Yana fita ras.

Yaya daga Gwale:
Malam sa'a ka ci a ukun nan. Kujerar da ake magana a kai mace ce a wajenmu, can der ce. Mota das Auto, wuƙa das Messer, yarinya ma sukutum das Mädchen. Inda Hausa ke taimakonmu shi ne jam'i, mun saba da gida gidaje, doki dawakai, babu mai koya wa baƙo doki ya bar shi ya ƙirƙiro jam'in da kansa. Abin da ya fi riƙuwa ƙarshen kalma ne: mai ƙarewa da -ung, -heit, -keit die ce, jam'inta -en, kamar die Wohnung, die Wohnungen. Mai -chen ta ƙanƙantawa das ce kuma jam'i bai canja ta. Kalmar haɗi kuma ta ƙarshe take bi, in kin riƙe das Haus, die Häuser kin samu das Krankenhaus, die Krankenhäuser kyauta.

Maman 'yan biyu:
Ni dai wayata ce ta faɗa ruwa kati 600 suka tafi don ban taɓa yin Sync ba, na yi kuka kamar me. Yanzu kwalin takalmi nake amfani da shi na raba gida biyar, wanda na ci ya matsa gaba wanda na faɗi ya koma gidan farko, der da shuɗin biro die da ja das da kore. Ba ruwana da caji.

Ɗalibin jinya:
Yaya ban yarda da haɗa su a kati ɗaya ba gaskiya. In na ci der na faɗi jam'i sai a hukunta ni duka? Da ya faɗi sau 8 manhajar ta sa masa leech, wato tambarin katin da ya gagara, haka die Bank ta yi min, Bänke na bencin zama, Banken na bankin kuɗi. Ni kati daban nake wa jam'i.

Yaya daga Gwale:
A kan irin Bank kana da gaskiya, wannan ma'ana biyu ce dole kati biyu. Amma duka 900 a raba sun zama 1800, sababbi 20 a rana kaɗai suna tara wa mutum bita wajen 200, wace adaidaita ce za ta ishe ta? Ƙanwata ki mayar da New cards/day zuwa 0 tukuna, ki gyara tsofaffi 15 kullum bayan isha'i, sai wanda ya gagara ki raba shi.

Mai tambaya:
Na gode Yaya, Allah ya saka. Na duba yanzu, ashe ma katunan da na sauke babu jam'in a ciki gaba ɗaya. Waɗanda na gyara in yi musu Reset su dawo sababbi ko in bar su da kwanakinsu?

Ɗalibin jinya:
Ni da na bar nawa, wasu sai bayan wata uku suka leƙo.